Fushin Mai Saye: Kuɗinsa Yake Nema, Ko Canji, Ko Ban Haƙuri?

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Matazu, manoma suka bazama gonaki daga nan har Musawa da Malumfashi da Bakori da Funtuwa, to a cikin makonni biyu ko uku da suka biyo baya babu wayar da ke shan wahala kamar wayar mai sayar da iri da taki da maganin feshi, domin a lokacin ne ƙasa ke bayyana gaskiyar abin da aka sayar, a lokacin ne kuma saƙonnin fushi ke kwarara cikin WhatsApp, wasu a rubuce, mafi yawa da murya, tun daga bayan sallar asuba har dare ya raba. Abin da nake son in tattauna da mai karatu a wannan mako shi ne cewa zafin maganar mai saye ba ya gaya wa ɗan kasuwa abin da ake nema a wurinsa, domin mai neman kuɗinsa da mai neman a canza masa kaya da mai neman a ba shi haƙuri duk da murya ɗaya suke faɗa, kuma duk kalmar cuta da ha'inci suke ambata. Wanda bai iya rarrabe su ba yakan biya kuɗi inda ake jiran ƙafarsa, ya ba da haƙuri inda ake jiran buhu, ya wayi gari ya yi asarar dukiya da abokin ciniki gaba ɗaya.

A zamanin iyayenmu wannan rarrabewa ba ta da wuya ƙwarai, saboda mai ƙorafi da kansa yake zuwa. In ya ɗauko kayan a kan jaki ko keke ya dire su a bakin rumfa, an san ciniki yake son a warware. In ya zo hannu sake tare da wani dattijo, an san magana ce ta mutunci. Ga dillalin da ya haɗa cinikin yana kusa, ga sarkin kasuwa in abin ya gagara. Yau kuwa abin da ɗan kasuwa ke samu murya ce kawai ta minti biyu, wadda aka ɗauka a tsakiyar gona cikin rana, ba fuska, ba shaida, ba mai shiga tsakani, kuma yakan saurare ta ne yana tsakiyar awo ga wani, zuciyarsa ta hau kafin hankalinsa ya zauna. Sai ya mayar da martani ga zagin, ya bar buƙatar.

Wajibi ne a fara da amincewa cewa mai saye yana da haƙƙin ya yi zafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya zo neman bashinsa na raƙumi a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kausasa magana har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi, sai Manzon Allah ya hana su, ya nuna musu cewa wanda ke da haƙƙi yana da damar ya yi magana, sa'an nan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Ɗan kasuwar da ya riƙe wannan a zuciyarsa zai saurari saƙon sau biyu: na farko domin zafin ya wuce, na biyu domin ya ji abin da aka faɗa. A ganina bai kamata a amsa saƙon fushi ba sai bayan sauraro na biyu.

Bari in kawo misali irin wanda ke aukuwa kusan kowace damina, ba tare da na jingina shi ga wani mutum ko wani kamfani ba. Mu ƙaddara wani mai shago a Matazu ya sari irin masara mai kwana 110, ya sayar da mafi yawansa bara, saura ya kwana a ɗakin ajiya mai rufin kwano, ya sha zafin bazara na watan Maris da Afrilu, bana kuma aka haɗa shi da sabo aka sayar. Iri abu ne mai rai, zafi da daɗewa suna kashe shi a hankali alhali ƙwayar tana nan da kyanta da jan maganinta, ido ba ya ganewa. Mutum uku suka saya daga wannan kwantai, aka shuka wajen 18 ga watan Yuni, masara kuwa in ƙasa na da laima takan ɓullo cikin kwana huɗu zuwa bakwai. Da aka cika mako, ko rabin ramukan ba su tsira ba.

Saƙo na farko ya zo daga manomin da ya sayi kilo 20, abin da ke isar kadada ɗaya. Cewa ya yi: "Alhaji, ka cuce ni, wallahi ka cuce ni. Ga gona nan fayau, maƙwabtana har sun fara shirin noman farko. Yau 26 ga wata, ruwa bai jiran kowa. Mi kake so in yi da ita?" Ya biyo da hoton kunyoyi, ya sake kira sau uku a cikin awa guda. Wanda ya saurara da kyau zai lura cewa a duk maganar nan ba a ambaci naira ko ɗaya ba. Abin da aka ambata shi ne gona, da kwanan wata, da maƙwabta, da ruwa, kuma tambayar da ya rufe da ita tana duban gobe ne. Yawan kiran da yake yi ma shaida ce, domin wanda lokaci ke ƙure wa shi ne ke kira a jere. Wannan mutum canji yake nema, kuma yau yake nemansa. In aka tura masa kuɗinsa ta banki an bar shi da aikin shiga mota zuwa Malumfashi ko Funtuwa neman iri a lokacin da mai kyau ya ƙare a kasuwa, farashi kuma ya tashi, kuɗin da aka mayar masa ba za su sayi kilo 20 ɗin ba.

A nan ne kuma ake gane ɗan kasuwar da ya san sana'arsa, domin canji na gaskiya shi ne a ba mutum abin da zai biya buƙatar da ta sa ya yi sayayyar tun farko, wannan kuwa wani lokaci yakan saɓa wa abin da ke rubuce a rasiɗi. Masara mai kwana 110 in aka shuka ta ranar 28 ga Yuni ba za ta nuna ba sai wajen 16 ga Oktoba, alhali a wannan yanki ruwa yakan ɗauke ne a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Mai kwana 90 kuwa in aka shuka ta a wannan rana za ta kai wajen 26 ga Satumba, tana cikin laima. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa ga shekarar 1922, ta fitar da nau'o'in masara masu lakabin SAMMAZ, a cikinsu akwai masu saurin nuna, akwai masu matsakaicin zango, kuma mai shagon da ya san kayansa ya san wanne ne wanne. Saboda haka amsar da ta dace ga wannan manomi gajera ce: "Malam, laifina ne, kuma na ɗauka. Kada ka sake shuka wancan. Ga yaro nan tafe kan babur da kilo 20 na mai kwana 90, sabon shigowa, ka shuka gobe in Allah ya kai mu. Maganar kuɗin 'yan ƙwadago kuma mu zauna bayan ka gama." Ban haƙurin yana ciki, amma jimla ɗaya ce, sauran duk aiki ne. Doguwar magiya ga mutumin da ke tsaye a gona yana duban hadari ƙara masa takaici kawai take yi.

Saƙo na biyu ya sha bamban, ko da yake zagin da ke cikinsa ya fi na farko. Shi a rubuce ya zo, bayan kwana biyar, tare da hoton rasiɗi da hoton ledoji biyu da ba a buɗe ba, aka ce: "Na sayi leda biyar, na shuka uku, ba abin da ya fito. Na riga na sayi wani a Malumfashi na shuka. Biyu suna nan, ka aiko a ɗauka. Kuɗin nan bashi na ci. Ba ni ba shagonka har abada." A ƙasa kuma ga lambar asusun banki. Alamomin a fili suke: akwai lissafi, akwai rasiɗi, an riga an biya buƙata a wani wuri, an ware ragowar kayan ana jiran a karɓa, an ambaci mai bin bashi, an kuma yanke hulɗa. Wanda ya ce ya riga ya saya a wani wuri ya rufe ƙofar canji da kansa, kuma tayin sabon iri a gare shi tamkar a ce masa ya ajiye abin da ba shi da inda zai kai ne, tunda iri mai jan magani ba a cinsa, ba a ba dabba, in kuma ya kwana zuwa baɗi zai zama irin wanda ya jawo rigimar. Wannan kuɗinsa yake so, kuma duk wata magana da ba ta ƙare da adadi da rana ba, zai ɗauke ta a matsayin jan ƙafa.

Malamanmu na mazhabar Malik sun daɗe da shimfiɗa wannan babi, kuma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ko Muhtasar na Halil ya ratsa ta kansa. Asalin hukunci shi ne, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a cikinsa, wanda bai sani ba lokacin ciniki, yana da zaɓi: ko ya riƙe shi a yadda yake, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa kayan sun riga sun salwanta ta yadda mayarwa ba za ta yiwu ba, kamar irin da ya shiga ƙasa, to sai a koma ga arshi, wato a ƙiyasta abin da aibin ya rage na daraja a biya shi. Sun kuma bambanta tsakanin mai sayarwar da bai san aibin ba da wanda ya sani ya ɓoye, na biyun hukuncinsa ya fi tsanani. Suka ƙara da cewa wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kayan bisa son ransa ya nuna yarda, haƙƙin mayarwarsa ya faɗi. Abin lura a duk wannan shi ne, fiƙihu bai tambayi yawan fushin mai saye ba, abin da ya tambaya shi ne halin da kayan ke ciki. Shi ya sa nake ganin tambaya mafi amfani da ɗan kasuwa zai yi wa mai ƙorafi, in saƙonsa ya rikice, ita ce: "Kayan suna ina yanzu, kuma mi ya rage a cikinsu?" Amsar wannan tambaya takan bayyana nufin mutum fiye da a ce masa kai tsaye mi kake so, domin mai fushi in aka tambaye shi abin da yake so yakan ji kamar ana neman sallamarsa ne, sai ya ƙara hawa.

Ga mai leda biyar ɗin nan, hukuncin ledoji biyu a fili yake, a karɓe su a mayar da kuɗinsu cif. Ukun da aka shuka kuwa, tunda mai shago ya san kwantai ne ya haɗa da sabo bai faɗa ba, ban ga wata hanya a gare shi ba face ya mayar da kuɗinsu duka, ya kuma faɗi ranar da za su shiga, ya cika. In ba shi da su a hannu a wannan mako, faɗin gaskiya da yanka wa'adi ya fi shiru sau dubu. Dokar ƙasa ma tana nan a kan haka: dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi a cikin wata uku daga ranar da ya karɓe su, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma rubutun da wasu ke bugawa a ƙasan rasiɗi cewa in an saya ba mayarwa ba ya kankare wannan haƙƙi.

Sai na uku, wanda shi ne mafi wuyar ganewa, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu. Dattijo ne, ya haura shekara sittin, ya daɗe yana ciniki da mahaifin mai shagon kafin shagon ya dawo hannun ɗa. Saƙonsa na murya ya kai minti huɗu, kuma sai a minti na uku aka ambaci iri. Ya fara da tuna shekarun da suka yi tare da marigayi, da yadda bai taɓa duba awo a shagon ba, sa'an nan ya ce: "Yaro, ni na tara mutanen unguwarmu na ce su kawo kuɗinsu, na ce iri sai na gidan wane. Har surukina na sa ya saya. Jiya a masallaci ba wanda ya ce mani komai, amma na ga idanunsu. Na kira ka sau biyu, yaron shago ka bar ni da shi. Ba komai, na bar ka da Allah." Bai aiko da hoto ba, bai aiko da rasiɗi ba, bai faɗi ko kilo nawa ba ne.

Mai gaggawa zai ji "ba komai" ya ɗauka an yafe, ko kuwa ya ji tsoron "na bar ka da Allah" ya yi maza ya tura kuɗi ta waya domin ya wanke kansa. Dukansu biyu kuskure ne, na biyun ma ya fi muni, domin dattijon da ya yi maganar zumuncin shekara talatin aka amsa masa da saƙon banki zai fahimci cewa an yi wa mutuncinsa farashi, kuma na tabbata da yawa daga cikin irinsu za su mayar da kuɗin, su kuma rufe bakinsu, rufewar da ba ta buɗuwa. Alamomin mai neman ban haƙuri su ne waɗannan da suka bayyana a maganarsa: yana duban baya, yana ambaton mutane fiye da kaya, yana faɗin gaban wa ya ji kunya, kuma ƙorafinsa mafi zafi bai shafi irin ba, ya shafi wayar da ba a ɗauka ba da yaron da aka haɗa shi da shi. Wanda ya ce an bar shi da yaron shago ya riga ya faɗi abin da yake so, wato mai shagon da kansa.

Irin wannan ba a amsa shi a waya sai dai da jimla ɗaya: "Baba, na ji saƙonka, ina nan tafe bayan la'asar." Sa'an nan a je, a durƙusa a gaisa, a faɗi laifin da sunansa, cewa kwantan bara ne aka haɗa da sabo kuma bai kamata ba, ba tare da an lafta wa kamfani ko yaron shago ko ƙarancin ruwa ba. Kuma tunda a gaban mutane ya ji kunya, a gaban mutanen nan ya kamata a wanke shi: mai shago ya roƙi dattijon ya tara waɗanda suka ba da kuɗinsu, ya gaya musu da bakinsa cewa Baba bai san komai ba, laifin shago ne, sa'an nan ya tambayi kowannensu ko iri yake so ko kuɗi. Ta haka dattijon zai fita daga al'amarin a matsayin wanda ya ƙwato wa mutanensa haƙƙinsu, darajarsa ta ƙaru a kan yadda take a da.

Sai dai akwai wata ɓaraka da nake jin tsoro, kuma dole in faɗe ta, domin wannan ilimi na karanta zuciyar mai saye yana iya zama makami a hannun marar tsoron Allah. Akwai 'yan kasuwar da suka gane cewa dattawa da mata da masu kunya ba sa iya buɗe baki su ce a ba su kuɗinsu, sai su riƙa sallamarsu da daɗin baki, su ajiye mayar da kuɗi ga masu tsiwa kaɗai. Wannan zalunci ne tsantsa. Ban haƙuri yana gyara zuciya, amma ba ya sauke haƙƙin dukiya daga wuyan wanda ya ci ta, sai in mai haƙƙin ya yafe da bakinsa bayan an miƙa masa ya ga zai iya karɓa. Gane cewa mutum ban haƙuri yake nema yana gaya maka abin da za ka fara da shi ne da yadda za ka je. Abin da ake binka yana nan daram. Matar da ta aiko ɗanta da kuɗin adashinta ya sayo mata iri, sa'an nan ta aiko da saƙo a kunyace tana cewa ko dai ita ce ba ta iya shuka ba, haƙƙinta daidai yake da na wanda ya yi barazanar kai ƙara gaban alƙali.

Ba kuma ina cewa duk mai fushi yana da gaskiya ba ne. Iri yakan ƙi fita saboda dalilan da ba su shafi mai shago ba: an zurfafa rami fiye da kima, ko an yi binne ruwa ya yi jinkiri, ko an sami yayyafi ƙwaya ta kumbura sa'an nan fari ya biyo, ko taki ya taɓa ƙwayar ya ƙone ta, ko gafiya da tsuntsaye sun tone. Ana iya ganewa in an je gonar an tona ramuka kamar ashirin a wurare dabam-dabam. Ramin da ba kome a cikinsa aikin dabba ne ko tsuntsu. Ƙwayar da aka tarar a bushe kamar yadda aka sa ta, laima ce ba ta samu ba. Wadda ta fitar da saiwa ta mutu, fari ne ko taki. Wadda kuwa ta sha ruwa ta kumbura ta ruɓe ba ta ko motsa ba, a ƙasa mai laima daidai, to zargi ya koma kan irin. Hujja mafi ƙarfi ita ce gwaji da ragowar: a ƙirga ƙwaya 100 ba zaɓe, a jera a cikin jiƙaƙƙen buhun algarara ko a kwanon yashi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsira bayan kwana bakwai. In tamanin ko fiye suka fito, irin ba shi da laifi. In rabi ne, magana ta ƙare. Amma a lura, manomi na farko ba zai iya jiran kwana bakwai ba, don haka a ba shi canjin yau, a yi gwajin a gaban shaidu, a yi yarjejeniya cewa in irin ya fita da gaskiya zai biya na biyun da kaka. Kuma da mai shagon ya yi wannan gwaji a watan Mayu kafin ya sayar, da duk waɗannan saƙonni ba su zo ba. Haka nan ya kamata ya riƙa duba tambarin Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa a jikin leda, ya adana rasiɗin sarinsa da lambar rukunin kayan, domin in aibin daga sama ya taho ya sami abin da zai koma da shi.

Akwai kuma wanda saƙonsa ke nuna kuɗi yake so alhali kayan lafiya lau suke, nadama ce kawai ta kama shi, ko wata lalura ta taso masa a gida, sai ya lulluɓe buƙatarsa da fushi domin kunyar roƙo. Ana gane shi da cewa ba ya iya faɗin aibin takamaimai, yau ya ce launin bai yi masa ba, gobe ya ce ya ji an ce. Wannan shari'a ba ta tilasta a karɓa masa ba, amma ta kwaɗaitar da iƙala, wato warware ciniki bisa yardar juna a kan kuɗin farko, kuma Abu Dawud ya ruwaito falalar wanda ya yi wa ɗan'uwansa haka. In leda ba a buɗe take ba, lokacin shuka kuma bai wuce ba, ban ga abin da mai shago zai rasa ba in ya karɓa ba tare da ya tona asirin mutumin ba.

Sau da yawa buƙatun nan sukan haɗu a mutum ɗaya, kuma sukan sauya da wucewar kwanaki, wannan ma abin kiyayewa ne. Wanda ranar Litinin canji yake nema, in aka yi banza da shi har Alhamis ya zama mai neman kuɗinsa, in aka kai mako biyu kuwa ya zama wanda ko kuɗin ba sa gamsar da shi, domin yanzu wulaƙancin shirun ya fi asarar irin ciwo. Jinkiri ne ke mayar da ƙaramin ƙorafi babba, kuma mafi arhar lokacin sulhu shi ne yinin da saƙon farko ya shigo.

Kirana ga shugabannin 'yan kasuwar iri da taki na Matazu da Musawa da Malumfashi da Funtuwa shi ne su zauna kafin damina mai zuwa su ɗora wa kansu sharuɗɗa: kada a sayar da kwantan iri sai an gwada shi an kuma gaya wa mai saye, kada saƙon ƙorafi ya kwana ba a amsa ba, kuma mai shago da kansa ya amsa, kada ya bar wa yaro. Ku kuma manoma, ku taimaki kanku ku taimaki mai sayar muku: ku ajiye rasiɗi da leda da ɗan ragowar iri, kuma bayan kun faɗi ɓacin ranku, wanda haƙƙinku ne, ku rufe saƙon da faɗin abin da kuke so a yi muku da ranar da kuke son a yi shi.